Huɗu ta London, Huɗu ta Kabi

Takardar tangaraho ta iso wa Bawa a makaranta ranar Litinin, yana tsakiyar koya wa 'yan aji shida lissafi. Ya karanta ta sau uku a tsaye, sannan ya nemi benci ya zauna.

Daga yayansa Attahiru take, wanda shekara uku ke nan yana London yana karatun injiniyan ban-ruwa. Maganar gajeriya ce. Ranar Laraba zai zauna kusa da tarhon gidan da yake haya daga ƙarfe huɗu zuwa huɗu da rabi na yamma. In bai ji muryar Inna da kunnensa ba, zai ɗauki akwatinsa ya kama jirgin ƙasa zuwa bakin teku, ya shiga jirgin ruwan Alhamis ya taho gida.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ranar Litinin mai zuwa Attahiru zai fara jarrabawar ƙarshe. Wanda ya bar ta ya taho, gwamnati ta janye hannunta daga karatunsa ke nan, shekara uku sun bi ruwa. Kuma mahaifiyarsu, Inna Hajjo, tana nan da ranta. Ciwon haƙarƙari ne ya kayar da ita mako uku a Argungu, har aka fara kiran dangi, amma Allah ya tashi kafaɗarta. Bawa ya buga tangaraho ya ce tana samun sauƙi.

Wannan kalma ce ta jawo komai, kuma Bawa ya san laifin wa. Shekara biyu da suka wuce, da mahaifinsu ya rasu, manya suka taru suka ce kada a gaya wa yaro, yana wata uwa duniya, hankalinsa zai tashi a banza. Bawa ne da hannunsa ya yi wata biyu yana rubuta "Baba yana samun sauƙi", alhali ciyawa ta fara fitowa a kan kabarin. Sai wani ɗalibi sabon zuwa ne ya tare Attahiru a London ya yi masa ta'aziyya. Tun daga ranar, Attahiru bai ƙara yarda da rubutun ƙanensa a kan lafiyar kowa ba. Wa zai ga laifinsa? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Ranar Talata da sassafe Bawa ya hau motar kaya zuwa Birnin Kabi, don a can ake neman layin ƙasar waje. Mai kula da tarho a gidan waya wani dattijo ne, Malam Tamba, siriri mai tabarau, wanda bai taɓa barin alƙalami a karkace kan tebur ba. Ya bayyana wa Bawa yadda abin yake. Daga nan a kira Sakkwato, Sakkwato ta haɗa da Kaduna, Kaduna da Ikko, Ikko kuma ta tura murya ta iska zuwa London. Layin na Ikko mutane da yawa ke jiransa, saboda haka tun yau za a rubuta suna da lamba da lokacin da ake so, da agogon Nijeriya. Minti uku ake bayarwa.

"Ƙarhe huɗu ke nan," in ji Bawa. "Da damina na ji ana cewa lokacinmu da nasu ɗaya ne."

Malam Tamba ya dube shi ta saman tabarau, irin duban da ake yi wa mai ilimin makaranta da bai san duniya ba.

"Da damina, i. Malam Bawa, mutanen ga ba su barin agogo shi zamna lahiya. In zahi ya shigo musu sai su tura shi gaba da awa guda, shi yi daidai da namu. In sanyi ya taho su mai da shi baya. Bara, washegarin bikin 'yanci sunka mai da shi, Lahadi, biyu ga Oktoba. Ina nan zaune bisa kujerar ga, ba labari anka ba ni ba. Yau nawa ga wata?"

"Sha bakwai."

"To ka gani. Sun yi mako biyu da komawa. Huɗu tasu, biyar tamu."

Ya rubuta ƙarfe biyar da kyakkyawan rubutunsa, ya murɗa tarho ya karanta wa Sakkwato. Bai tambayi kowa ba, don mutum ba ya tambayar hanyar gidansu. Bawa ma har godiya ya yi masa, yana cewa a ransa da ya bi son kansa da ya yi ɓarna.

Laraba suka baro Argungu da hantsi. Direba ya ba Inna Hajjo gaban mota, amma duk da haka kowane rami sai ta dafe haƙarƙari ta runtse ido. Shinkafa ta yi jawur a fadama, masu korar tsuntsu suna ta ihu, ba wanda ya kalla a cikinsu. Sun sauka gidan wata 'yar uwa ta huta, suka yi azahar, sannan wajen ƙarfe uku da rabi suka iso gidan waya. Malam Tamba ya sa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar baranda.

"Da sauran lokaci, Inna," in ji Bawa. "Sai biyar."

Attahiru ɗan farinta ne, kuma Inna Hajjo mace ce ta da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta tambayar labarinsa, in ana karanta wasiƙarsa a tsakar gida sai ta ba da baya ta shiga tsintar shinkafa kamar ba da ita ake ba. Ko wannan tafiya sai da ƙannenta suka sa baki kafin ta yarda.

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Shi wancan, huɗu yac ce."

"Huɗu ta can, Inna. Sun mai da agogonsu baya, ta zama biyar ta nan."

"Uhm."

Bawa ya ɗauka maganar ta ƙare, har ya miƙe zai leƙa ciki. Sai ya ji ta ce a hankali, kamar da tabarma take magana, "Ni dai na ji kamar an ce bana ba su mai da shi ba tukuna."

Bawa ya tsaya cak. "Wa yac ce?"

"Takardar da kak karanta ina kwance."

Wallahi ya manta da ita sarai. Wasiƙa ce da ta zo kwana biyar da suka wuce, ya karanta ta da sauri a bakin gadonta, hankalinsa na kan numfashinta, yana ganin ko ji ba ta yi. Inna Hajjo ta sa hannu cikin lalitarta ta zaro shuɗiyar takardar, an ninke ta ƙanana har ta yi laushi. Ta ajiye a kan tabarma, ta kau da kai.

Ya ɗauka ya warware. Takwas ga Oktoba aka rubuta ta, kafin labarin ciwon ya kai London. Gaisuwa, tambayar ruwan bana, ƙorafin abinci. Sai can ƙasa: "Asuba tana ba ni wahala, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe bakwai. Bana hukumarsu ta ƙara wa lokacin zafi kwanaki, ba za a mai da agogo ba sai Lahadin ƙarshen wata. Har yanzu in kun duba agogo a gida, abin da ya nuna muku shi ya nuna mini."

Bawa ya ɗaga kai ya hangi agogon bango ta taga. Huɗu saura minti ashirin. A London ma huɗu saura minti ashirin. In aka jira biyar, Attahiru ya yi rabin awa da barin gida.

"Malam Tamba!"

Yadda ya faɗa ofis ɗin sai da wani mai sayen kan sarki ya matsa gefe. Ya shimfiɗa wasiƙar a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan layin. Malam Tamba ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Fuskarsa ta ɗaure.

"Shekara goma sha tara ina aikin ga. Kullum farkon Oktoba ne."

"Bana fa?"

"Ɗalibi ne, shina iya jin magana a hanya shi rubuta."

"Shi da ke cikin garin, agogon na bisa hannunai? Malam, kai bara ka sani. Shi bana ya sani."

Maganar ta yi kaifi, ta fi ƙarfin abin da yaro ke gaya wa dattijo, kuma Bawa ya ji hakan tun kafin ya rufe baki. Jijiyar wuyan Malam Tamba ta motsa. Ba mugun mutum ba ne, girman kai ne irin na wanda bai saba kuskure ba. Ya dubi agogo, ya dubi tsohuwar da ke zaune a baranda, sannan ya jawo tarho ya murɗa hannun da ƙarfi.

Sakkwato ta amsa nan da nan. Kaduna ce ta ƙi samuwa, wai layi na hannun wani. Minti biyar suka wuce, suka zama takwas. Ladan ya kira la'asar a masallacin kasuwa. Bawa yana tsaye, rigarsa ta manne a bayansa, yana kallon dogon hannun agogo yana hawa kamar da gayya. Lokacin da Kaduna ta samu, huɗu saura minti uku.

Malam Tamba ya yi ta Turanci yana ɗaga murya, ya saurara, ya sake yi. Sai ya toshe bakin tarhon da tafin hannu.

"Ikko ta ce huɗu na da mai ita, huɗu da goma ma haka. Akwai gurbi huɗu da ashirin. Amma in munka karɓe shi, mun saki biyar ke nan, wani za su ba. In wasiƙar ga ba daidai take ba, za mu buga ƙarhe ukku da ashirin ta can, ba shi gida, kuma babu na biyu."

"Ka ce su tambayi Ikko ƙarhe nawa a London yanzu."

Malam Tamba ya tambaya. Amsar ta dawo a gajarce. "Mai layin Kaduna ta ce ita saƙo take miƙawa, ga mutane a layi, ba ta sake komawa Ikko don tambaya. Mu zaɓa yanzu ko ta sauka."

Tsoro ya kama Bawa sosai. Ga dattijo mai shekara goma sha tara a kan aiki, ga layi uku a ƙasan wasiƙa. Ko wanne ya bi, in ya faɗi, shi ne dai ya sake cutar ɗan uwansa. Ya tilasta wa kansa tunani kamar yana gaban allo. In ya buga da wuri ya yi kuskure, wataƙila a sami matar gidan, a bar saƙo cewa tsohuwa ta zo da kanta. In ya buga a makare, ko sarkin London ya ɗauka ba abin da zai yi.

"Huɗu da ashirin," in ji shi.

Malam Tamba ya faɗa, ya ajiye tarho, ya soke biyar ɗin da ya rubuta jiya da layi ɗaya madaidaici. Bai dubi Bawa ba. "Ku yi salla maza. A shigo da ita kusa."

Suka yi la'asar a baranda, Allah dai ya karɓa, don Bawa bai san abin da ya karanta ba. Ya kamo hannun Inna ya zaunar da ita a kujera kusa da tarhon da ke jikin bango. Ya nuna mata inda ake sa kunne da inda ake magana. Ta dubi abin kamar an ce ta riƙe kunama.

"Inna, minti ukku ne kawai. Da kin ji shi, ki yi magana da ƙarhi."

"In ce mi?"

"Ko mi ne ne. Muryarki yaka so."

Huɗu da ashirin ta yi, tarho shiru. Da ashirin da biyu, shiru. Malam Tamba ya miƙe tsaye, ya zauna, ya gyara alƙalamin da ba abin da ya same shi. Mai sayen kan sarki ya fasa tafiya, ya tsaya a bakin ƙofa da takardarsa a hannu. Da ashirin da biyar Bawa ya kasa ɗauke ido daga agogo. Ya san yayansa, mutum ne da in ya ce da rabi, to da rabi ɗin ne.

Huɗu da ashirin da shida tarho ya yi ƙara.

Malam Tamba ya ɗauka, ya yi magana da Kaduna, da Ikko, sannan ya miƙa wa Bawa. Abin da ya fara ji shi ne shuu kamar ana ruwa a kan kwano, muryoyi na zuwa suna komawa. Can ƙasa wata ƙararrawa tana bugawa bibbiyu. Ta buga, ta buga. Sai muryar wata tsohuwar Baturiya. Bawa ya tattaro duk Turancin da yake koyarwa ya kwarara mata sunan Attahiru. Ta ce wani abu da sauri, ya tsinci "mota" da "ƙofa", sannan ya ji ta ajiye tarhon a kan katako tana ƙwala kira.

"Shina bakin ƙohwa," ya ce wa Malam Tamba. "Motar haya ta zo."

Malam Tamba ya rufe ido ya ce, "Inna lillahi." Ashe huɗu ɗin huɗu ce.

Aka ji takun gudu, sannan numfashi. "Wa ke nan?"

"Yaya, ni ne, Bawa. Kada ka taho, Inna ta..."

"Kada ka gaya min komi." Muryar ta zo a sanyaye, kuma sanyin ya fi zagi ciwo. "Na ji irin wagga daga bakinka. In tana nan, ba ta. In babu ta, ka ji tsoron Allah ka hwaɗi, mota na jirana."

Malam Tamba ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna agogo. An fara ƙirga. Bawa ya manna wa Inna tarhon a kunne, ya riƙe mata da hannu biyu.

"Inna, ga shi. Yi magana."

Ta buɗe baki, ta rufe. Idonta ya sauka a kan Malam Tamba, ya koma kan baƙon da ke ƙofa. Shekara ashirin da takwas ba ta taɓa yi wa wannan ɗa magana kai tsaye a gaban bare ba, yau kuma a ce ta ɗaga murya a ofishin gwamnati? Bawa yana jin muryar yayansa ƙarama tana fitowa daga tarhon: "Inna? Inna? Bawa, ba na jin kowa. Bawa!"

"Inna, don girman Allah!"

Shiru. Minti ɗaya ya tafi. Hawaye ya cika mata ido, amma ko tari ta kasa.

Malam Tamba ne ya gane. Ya zagayo tebur, ya kama hannun mai kan sarki ya fitar da shi, shi ma ya bi bayansa, ya jawo ƙofa. Mutumin da bai taɓa barin tarho a buɗe ba tare da yana tsaye a kai ba. Daga waje ya ɗaga murya ya ce, "Hajjo, babu kowa. Saura minti guda da rabi."

Bawa ma ya juya fuskarsa bango, hannunsa kawai ya bari a kan tarhon.

Daga can Attahiru yana cewa, "Shi ke nan. Na gane. Allah shi jiƙanta, ga ni nan ta..."

"Kai!"

Muryar ta fito da ƙarfin da Bawa bai san ciwo ya bar mata ba.

"Wa yac ce maka na mutu? Ina zaune lahiya za ka ɗora min salati? Uban wa ya aike ka can, da za ka baro abin da kat tahi nema ka taho kallona? Ni fura ce da zan lalace kahin ka gama?"

Layin ya yi shuu, ya dawo. Sai wani sauti da Bawa bai taɓa ji daga yayansa ba, ko ranar da aka yi musu kaciya. Kuka yake, babba da shi, a cikin zauren gidan mutane.

"Inna... Inna, ƙara hwaɗi."

"Na ƙara mi? Ka ji ni. Haƙarƙari ne, ya sake ni. Jiya tuwo na ci." Ta ja numfashi, muryar ta sauko. "Ka zamna. Ka ji ko? Ka gama, ka taho ka iske ni, in Allah ya so."

"Na ji, Inna."

Wata murya ta shigo tsakani da Turanci, saura rabin minti. Inna Hajjo ta ture tarhon daga kunnenta, ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Bawa ya karɓa.

"Yaya?"

Ya ji Attahiru yana jan hanci, sannan ya ji shi ya juya yana gaya wa matar gidan ta sallami mai mota. Ya dawo kan layi.

"Bawa."

"Na'am, Yaya."

"Gobe in ta sake kwantawa, mi za ka rubuto min?"

Bawa ya ce, "Abin da ke akwai."

"Ko ranar jarrabawa ce?"

"Ko ranar jarrabawa ce."

"To," in ji Attahiru. "Na yarda."

Layin ya yanke.